Takardar miƙa aiki: wace hanya za ka bi kafin ka buɗe sabuwar hira?

Duk wanda ya daɗe yana aiki da ChatGPT ko Claude ko Gemini ya san lokacin da hira take tsufa. Amsa ta fara jan ƙafa, abin da aka daddale jiya a sake dawo da shi yau. Dalili shi ne kowace manhaja tana da iyakar rubutun da take iya riƙewa a lokaci guda, kuma Hausa ta fi Turanci saurin cika wannan ma'auni, domin an fi daddatsa kalmominmu wajen ƙirga. Dole a buɗe sabuwar hira, ita kuwa ba ta san inda aka kwana ba.

Ni ina riƙe wa kawuna lissafin bashin shagonsa na hatsi a Excel, kuma a kan wannan aiki na gwada hanyoyin da ake da su.

Kwafe tsohuwar hira dungurungum a liƙa a sabuwa ita ce mafi sauƙi, amma ba na ba kowa shawarar binta. Ka ɗauko nauyin da ka gudu ke nan, har da kurakuran da aka riga aka gyara.

Barin manhajar ta taƙaita hirar da kanta ya fi wannan, kuma ba ya cin minti ɗaya. Sai dai a nan na sha wuya. Taƙaitawar da na samu ta yi kyau a ido, amma ta bar abu guda: Excel ɗin shagon na 2016 ne, kuma XLOOKUP, umarnin nemo bayani a jadawali, ba ya aiki a cikinsa. Sabuwar hira ta kawo min shi, na liƙa, sai ga saƙon kuskure na #NAME? reras daga sama har ƙasa. Taƙaitawar ta kuma rubuta wata shawara da na ƙi, wato haɗe bashi da biya a layi ɗaya, kamar na amince da ita. Irin wannan taƙaitawa ta iya ba da labarin abin da aka tattauna, amma takan rikita abin da aka ambata da abin da aka zartar.

Akwai kuma ma'ajiyar tuni ta cikin manhaja, da Projects da ke ChatGPT da Claude, inda kake ajiye takardu da umarni na dindindin. Suna da amfani ga abin da ba ya canzawa, kamar irin Excel ɗinka. Amma ma'ajiyar ita take zaɓar abin da za ta riƙe, kuma takardar da ka ɗora makon jiya ba ta san aikin daren jiya ba. Duba kuma ko tsarin da kake kai, na kyauta ko na biya, ya ba ka abin da kake bukata.

Wadda na tsaya a kanta ita ce rubuta takardar miƙa aiki da hannuna, in ajiye a waya. Minti biyar take ci. Wani lokaci nakan ɗauki taƙaitawar manhajar in gyara, amma ban taɓa sake liƙa ta ban karanta ba. Ga irin abin da nake rubutawa:

“Aiki: lissafin bashin shagon hatsi, Excel 2016, babu XLOOKUP. Shafin Bashi: A kwanan wata, B suna, C buhu, D kuɗin bashi, E abin da aka biya. An gama lissafin ragowar kowane mutum. An ƙi haɗe D da E, domin mai shago yana son ganin kowane biya daban. An share gurbin da ke bayan sunaye da TRIM. Saura: alama ga bashin da ya wuce kwana 30.”

Sai in bi ta da lissafin da ke aiki, harafi da harafi. Yana wani shafi daban, inda sunaye suke a A:

```
=SUMIF(Bashi!B:B,A2,Bashi!D:D)-SUMIF(Bashi!B:B,A2,Bashi!E:E)
```

Layin abin da aka ƙi shi ne ya fi daraja, kuma shi mutane suka fi mantawa. In ka ce an ƙi ba ka faɗi dalili ba, shawarar za ta dawo da wata riga. Sunayen masu bashi da lambobin wayarsu kuwa ba sa shiga takardar. Amanar mutane ce, kuma aikin ba ya bukatarsu.

In kana son sanin ko takardarka ta cika, miƙa wa wanda bai san aikin ba ya karanta. Ni ƙanwata nake ba. Ranar da ta tambaye ni ko kuɗin da ke D na buhu ɗaya ne ko na duka, na ƙara kalma biyu: jimillar kuɗi. Aikin zama ɗaya, taƙaitawar manhaja da ka karanta ta isa. Wanda zai kai mako ana komawa kansa, rubuta taka, ka sabunta layin “saura” kafin ka rufe kowace hira.