Gargaɗi kan mai sayar da robot ɗin fores da hoton ribar baya

Ina gargaɗin duk wanda ke cikin rukunonin Telegram na masu cinikin canjin kuɗaɗe ta intanet game da wani mutum da ke sayar da robot, wato manhajar da ke saye da sayarwa da kanta, a kan naira 350,000, yana kafa hujja da sakamakon gwaji a kan tsoffin farashi, wanda 'yan harkar ke kira baktes. Na biya shi naira 350,000 cif, na kuma zuba dala 500 a asusun dillali kamar yadda ya umarta, kuma abin da ya rage a asusun yanzu bai kai dala 200 ba. Zan ɗora hoton rasit da hirarrakinmu da rahoton da ya turo mini da zarar na gama rufe lambobin asusuna da ke jiki.

Ba da ka na shiga ba, kuma ina so a fahimci wannan tun da wuri, domin na san akwai masu cewa kwaɗayi ne. Na tambaye shi hujja, ya turo mini rahoton `Strategy Tester` na manhajar ciniki ta MetaTrader 4 a kan EURUSD, wato yuro da dalar Amurka, daga 2019 zuwa 2023. Dabarar kanta mai sauƙi ce, kuma sauƙin nata ne ya kwantar mini da hankali: layuka biyu na `Moving Average`, wato matsakaicin farashi, ɗaya na kyandir 17 ɗaya na kyandir 83, kyandir kuwa shi ne zanen motsin farashi na wani ƙayyadadden lokaci, idan gajeren ya haura dogon a saya, idan ya sauko ƙasansa a sayar. Rahoton ya nuna ciniki 1,200, da girman lot 0.10, da ribar dala 2,400 a kan jarin dala 500. Na sa shi ya sake gudanar da gwajin ina kallon allonsa ta kiran bidiyo, layin ribar ya hau a gabana kamar yadda yake a hoton. Ya ce mini, "Alhaji, lissafi ba ya ƙarya, ga shekara biyar a gabanka." Har yau ina jin wannan maganar a kunnena, domin a daidai lokacin ne na buɗe manhajar banki na tura masa naira 350,000. Wane mai hankali ne zai ga an gudanar da gwaji a idonsa ya ce ƙarya ne?

Ƙaryar tana cikin wani ɗan akwati da ke gefen allon, mai suna `Spread`, wato tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wadda mai ciniki ke biya duk lokacin da ya buɗe ciniki. Ya rubuta 2 a ciki. A wurin dillalin da ke nuna farashi da lamba biyar bayan ɗigo, 2 ɗin nan fif 0.2 ne kawai, fif kuwa shi ne motsi ɗaya na lamba ta huɗu bayan ɗigo, kuma gwajin MetaTrader 4 yana riƙe wannan tazara ɗaya tilo tun daga farkon shekarun har ƙarshensu, dare da rana. A asusun da ya sa na buɗe, ta hanyar mahaɗin da shi ya turo mini, tazarar tana kai fif 1.6 da rana tsaka, kuma tana buɗewa fiye da haka wajen ƙarfe 10 ko 11 na dare agogon Najeriya, lokacin da ake rufe ranar ciniki a New York, da kuma lokacin fitar rahoton ayyukan yi na Amurka.

A duba lissafin da kyau, domin a nan kuɗina suka tafi. A lot 0.10 na EURUSD, kowane fif dala ɗaya ne. Ribar dala 2,400 a ciniki 1,200 tana nufin fif 2 ne kacal matsakaicin ribar kowane ciniki. Bambancin tazarar da ya rubuta da tazarar gaskiya fif 1.4 ne, saboda haka abin da ya rage fif 0.6. Daga baya, bayan asusun ya riga ya zube, na gudanar da gwajin da kaina na rubuta 16 a akwatin, ribar shekara biyar ta sauko zuwa wajen dala 720. Sannan akwai zamewar farashi, wadda gwajin ba ya lissafawa ko kaɗan: a gwaji ana cika maka oda a daidai farashin da ka nema, a kasuwa kuwa kafin odarka ta isa na'urar dillali farashin ya motsa. Da na duba tarihin asusuna na ga ina rasa kusan rabin fif wajen shiga da rabin fif wajen fita. Idan aka cire wannan fif ɗaya daga 0.6, kowane ciniki asarar fif 0.4 ne, wato asarar dala 480 a ciniki 1,200 ɗin da aka nuna mini a matsayin ribar dala 2,400.

Tun kafin in biya, ko kuma a daren da na biya, na tambaye shi dalilin zaɓar 17 da 83 maimakon lambobin da aka saba gani kamar 20 da 50. Ya ce sirrin sana'a ne, sakamakon bincike mai tsawo. Ashe babu wani bincike sai maɓallin `Optimization`. Idan aka ce wa manhajar ta gwada gajeren layi daga 5 zuwa 50, dogon kuma daga 50 zuwa 200, haɗi 6,946 ke nan, kuma a cikin wannan yawa dole a sami wanda ya dace da hawa da saukar waɗannan shekaru biyar bisa sa'a kawai. Kamar ɗalibin da aka ba amsoshin jarrabawar bara ne ya haddace, sannan aka sake ba shi takardar bara aka ce haziƙi ne. Ana gane wannan cikin sauƙi, kuma na gwada: da na mayar da lambobin 18 da 85, ribar ta ɓace, alhali dabarar da ke da tushe ba ta rushewa don an ɗan gusa lambobinta. Da na gudanar da 17 da 83 ɗin nasa a kan farashin 2024, shekarar da ba ta cikin waɗanda aka zaɓo lambobin daga gare su, layin ya gangara ƙasa kamar yadda asusuna ya yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya san duk wannan. Mutumin da ya iya buɗe `Optimization` ya san abin da 2 ke nufi a akwatin `Spread`. Da asarar ta fara na yi masa magana, ya ce kasuwa ce ta canza hali, in ƙara jari domin robot ɗin ya sami sararin numfashi. Da na tura masa hoton gwajin da na yi da 16, na nemi ya dawo mini da naira 350,000 ɗina, sai ya cire ni daga rukunin ya toshe lambata. Wannan ya faru ne bayan ya goge saƙon da ya yi alkawarin mayar da kuɗi ga wanda bai gamsu ba, amma na riga na ɗauki hotonsa, kuma yana cikin waɗanda zan ɗora. Naira 350,000 na robot, ga sama da dala 300 da suka narke a asusu, kuma har yanzu yana tallata hoton nan ɗaya ga sababbin mutane.

Kada kowa ya biya kuɗi a kan hoton baktes. Ku buɗe akwatin `Spread` ku rubuta tazarar dillalinku, ku gwada a kan shekarar da ba ta cikin rahoton, ku kuma nemi tarihin asusun gaske na kuɗin mai sayarwar kansa. Idan ya ƙi bayarwa, ku riƙe kuɗinku.