Boko, Ajami, rubutun Japan da na China: me kowanne yake bar wa mai karatu?

"Jama'a, yarona ya tambaye ni me ya sa Larabci ake karanta shi ba wasali, 'yan China kuma ba su da abacada. Wane rubutu ne ya fi kama magana daidai?"

Malama, ɗauki kalma ɗaya, "makaranta", mu zaga da ita.

A boko haruffa 9 ne, baƙi da wasali kowa da gurbinsa. A tsarin Larabci kuwa baƙaƙe ne ginshiƙi: mim, ra, kaf da sauransu su ke tsaye, gajerun wasula sai an ga dama a ɗora. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, babbaƙu tukuna sannan farfaru. Balarabe yana iya barin wasali saboda ginin harshensa ya ba shi dama. Kaf, ta, ba a jere na iya zama kataba (ya rubuta), kutiba (an rubuta) ko kutub (littattafai), kuma jimlar ce ke nuna masa wanne. Hausa ba ta jure haka. Rubuta k, r kawai, ki ga ko kara ne, ko kura, ko kore. Shi ya sa masu Ajami ke cika wasali, har da ɗigon imala don "e".

Hiragana ta Japan gaɓa take rubutawa, alama guda ga "ma", wata ga "ka". Makaranta za ta ci alama 5: ma, ka, ra, n, ta. Alamomi 46 na asali sun wadatar da su don gaɓoɓin harshensu kaɗan ne. Gwada da Hausa: baƙaƙe wajen 30 sau wasula 5, kin kai 150, ba ki taɓa irin "har" da "kwal" ba. Mutanen Vai na Laberiya sun bi wannan hanya tun wajajen 1830, da alamomi kusan 200.

Na China ya fi kama da lambar 5. Ke ki ce biyar, Balarabe ya ce hamsa, alama ɗaya. Haka mai Mandarin da mai Kantonis, harsuna biyu na China, ke gane rubutu guda, furuci daban. Kuɗin wannan shi ne haddar alamomi wajen 3,000 kafin a karanta jarida. Amma fa ba zane zalla ba ne: alamar "uwa" haɗin "mace" ne da "doki", don doki da uwa duk "ma" ake ce musu, karin sauti, wato hawa da saukar murya, ya raba.

To kada bokon namu ya yi alfahari. Rubuta "fara": kwaron da ake soyawa ne, ko fara aiki, ko farar riga? Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ajami ma ya fi shi a nan, domin alif bayan fa zai raba miki farar da ake ci da farar riga, ko da yake shi ma bai raba ta da fara aiki ba.