Ruwan goge ƙarfe na gwangwani da tsamiyar kicin: abin da na gani a jikin kayan Inna

Saura mako uku bikin ƙanwata, ana tsakiyar ruwan Agusta, Inna ta sa aka sauko da kayanta daga saman kabad a gidanmu na Tudun Wada. Babban tire ne na tagulla aikin Bida, da tasoshi biyu, da butar jan ƙarfe, da mundayen azurfa huɗu, sai wani ƙaramin tiren shayi mai kalar azurfa. Sun shekara biyar ba a taɓa su ba, laimar daminar Kaduna kuwa ta yi aikinta. Tiren ya koma ruwan ƙasa, gindin butar ya yi kore, mundayen sun yi baƙi ƙirin kamar an ciro su daga murhu. Da yake ni ce babba, aikin a kaina ya faɗo.

Na shiga Kasuwar Gumi na sayo ruwan goge ƙarfen nan da ke zuwa a ƙaramin gwangwani. Mai shagon ya ce mini, "Hajiya, wannan ba abin da ba ya gogewa." Na yarda, ban tsaya karanta rubutun da ke bayan gwangwanin ba, wanda daga baya na ga ya lissafa tagulla da jan ƙarfe amma bai ambaci azurfa ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ruwan mai ɗan kauri ne, sai an girgiza domin akwai garin da ke kwanciya a ƙasa. Yana warin kananzir, da wani wari mai yaji da ke hawa kai, na amoniya. A ɗaki na fara, ban yi minti goma ba na kwashe na koma tsakar gida. A kan tasar da ba ta da zane, gaskiya ya burge ni. Ɗigo kaɗan a tsohuwar singileti, a murza, a bari ya ɗan bushe, a bi da busasshen ƙyalle, sai ga fuskata a ciki. Ko tsamiya ko lemon tsami ba su ba ni irin wannan ƙyallin ba.

A kan tiren Bida ne muka ɓata. Duk wanda ya san aikin Nupawa ya san yadda suke cika fuskar tire da zane, ba inda za a ɗora yatsa. Garin da ke cikin ruwan ya shige kowane rami, ya bushe, ya zama farin layi kamar an zana da alli. Na yi awa biyu da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu ina tono shi, kuma bayan kwana huɗu wuraren da ban kai ba suka fara ɗaukar kore-kore. Baƙin da ke fitowa a jikin ƙyalle ma, wanda nake murna ina cewa datti ne, ba datti kaɗai ba ne. Garin yana kankare saman ƙarfen ne, kaɗan-kaɗan. A tagulla mai kauri wannan ba komai ba ne, amma a kan abin da aka shafa wa ƙarfe sama-sama asara ce.

Ƙaramin tiren shayin nan ya nuna mini haka. Na matsa a gefe guda inda baƙin ya fi yawa, sai na ga wani launi ɗorawa-ɗorawa yana leƙowa, faɗin kan yatsa. Da na juya bayansa na ga an buga EPNS. Ma'anarsa, ba azurfa ba ce zalla, wani ƙarfe ne aka yi wa rufin azurfa siriri da lantarki, ni kuma na cinye rufin. Wannan ba ya dawowa sai an sake yi masa rufi.

Nan na tsaya, na ɗauki mundayen da buta na kai wa wani dattijo maƙerin fari da Inna ta sani tun tana amarya. Ya jujjuya su ya ce, "'Yata, ciwon tagulla daban, ciwon azurfa daban. Kin taɓa ganin an ba mai ciwon ido maganin ciki?" Ya ɗauko maganaɗisu ya manna a kowanne. Tagulla da jan ƙarfe da azurfa duk ba sa kama maganaɗisu. In ya kama, to baƙin ƙarfe ne a ciki aka yi masa fenti ko rufi, a bar shi da ruwan sabulu kawai. Ya ƙara da cewa rashin kamawar ba shaida ba ce, domin irin tiren shayina ma ba ya kamawa, sai an duba tambari. Biyu daga mundayen an buga musu 925, wato a cikin kashi dubu, kashi 925 azurfa ce. Sauran biyun aikin hannu ne na da, ba tambari, ya ce mai yiwuwa liyari aka narka aka ƙera su, tsohon kuɗin azurfar nan mai hoton mace da ake buga wa shekarar 1780.

Na ce, "Baba, to tagullar fa?" Ya ce in koma kicin in ɗauko tsamiya.

Ga yadda na yi, kuma shi ne abin da na fi amincewa da shi yanzu ga tagulla da jan ƙarfe. Na fara wanke kayan da sabulu da ruwan ɗumi domin maiƙo yana hana tsami taɓa ƙarfe. Na jiƙa tsamiya cikin tafin hannu a rabin kofin ruwan ɗumi na rabin awa, na dama, na tace 'ya'yan da zaren, na zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya na bari ya narke. Sai na shafa da tsumma, ina murzawa a hankali. A jikin butar jan ƙarfe kamar tsafi, kana shafawa duhun yana ja da baya, jan yana fitowa. Minti biyar ya isa. In bai fita ba, a wanke a sake shafa sabo, kada a ƙara masa lokaci. Ga wuyan buta da ruwa ba ya tsayawa, na kwaɓa ruwan lemon tsami da gishiri da fulawa, babban cokali ɗai-ɗai. Fulawar ba ta goge komai, aikinta ta riƙe tsamin a wurin.

Maganar minti biyar ɗin ba wasa ba ce. Tasa ta biyu na shafa mata sai ga dangin ango sun yi sallama, gaisuwa ta ja, aka yi la'asar, na manta. Da na dawo bayan kusan awa biyu na wanke, sai na tarar ta yi jaja-jaja, dabbare-dabbare. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, tsami kuma ya fi saurin cin tutiyar, in ya daɗe sai ya bar jan ƙarfen shi kaɗai a sama. A nan gwangwanin da nake ta yi wa tsaki ya wanke kansa, domin shi ya kankare jan ya dawo da kalar tasar. Da tsamin ya kwana, ban san ko zai iya ba.

Abu na biyu da ke ɓata aikin tsamiya shi ne gishirin da ya maƙale. In ya rage a cikin zane ya haɗu da laima, shi ne ke haifar da koren gari da ke cin ƙarfe yana barin ƙananan ramuka. Don haka ɗauraya ta fi gugar muhimmanci. Na ɗauraye sau uku, a na biyun na sa ɗan bekin soda a ruwan don ya kashe sauran tsamin, na goge da busasshen tawul nan take, na ajiye a rana. Koren nan guba ne, kada a bari a cikin abin ci ko sha, kuma kada a ajiye zoɓo ko kunun tsamiya a cikin jan ƙarfe ko tagullar da ba a yi wa rufi ba. In cikin tukunya fari ne, rufin kuza ne, a wanke shi da sabulu da soso mai laushi, ba a goge shi.

Azurfa kuwa tsamiya ba ta yi mata komai na kirki. Baƙinta daga sinadarin farar wuta yake, wanda ke cikin iska da hayaƙi da ƙwai da albasa da roba. Inna da kyauron roba ta ɗaure mundayen, kuma daidai inda robar ta kwanta nan ne ya fi baƙi. Na shimfiɗa takardar foyil a cikin kwanon tangaran, na jera mundaye biyu masu tambari yadda kowanne ke taɓa foyil ɗin, na barbaɗa bekin soda babban cokali ɗaya, na zuba tafasasshen ruwa lita ɗaya. A lura, bekin soda, ba bekin fauda na kek ba. Wani ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, alamar farar wutar tana barin azurfa ke nan, cikin minti uku baƙin ya ɗashe. In munduwa ba ta taɓa foyil ba, ba abin da zai faru. Sun fito fari amma ba ƙyalli, sai da na murza su da ƙyalle mai laushi.

Tsofaffin biyun ban tsoma su ba. Baba ya gargaɗe ni cewa baƙin da ke cikin zanensu shi ne ke fito da zanen, wannan wankan kuma ba ya zaɓe, zai kwashe duka ya bar su fayau. Haka duk abin da ke da murjani ko dutsen da aka manna da gam, ruwan zafi zai ɓata shi. Su da ruwan sabulu na bi, sannan ƙyalle a kan tudun zanen kawai.

Wata 'yar uwarmu ta dage a kan toka, wata makilin. Na gwada su a bayan tsohon cokali, a hasken rana na ga siraran karce. Toka tana zuwa da yashi, makilin kuma an yi shi ne don haƙori, wanda ya fi azurfa tauri nesa ba kusa ba. A gindin tukunya ba laifi, a kan kayan ado a'a. Wanda ban ko gwada ba shi ne bilic. Yana baƙanta azurfa, kuma in ya haɗu da tsami ko da amoniyar da ke cikin gwangwanin yana tayar da iska mai guba. Ruwan batir da wani yaron maƙwabta ya kawo shawara, Inna ce ta ba shi amsa da kanta.

Gwangwanin yana nan, ban ci ko kwatansa ba. Zan sake amfani da shi a kan tagulla mai santsi da marikin ƙofa, a waje, da safar hannu. Tiren Bida kuwa ba zan sake shafa masa wannan ruwan ba. Ranar kamu aka jera kayan, tiren shayin na ɗora masa kofi daidai kan tabon. Inna ta ɗaga kofin, ta duba, ta dube ni, ta mayar da shi inda yake.