Wa za ka ba aikin rahoton tushen lissafin gini idan benenka shaguna ne a ƙasa, gidaje a sama?

Duk wanda zai gina bene mai shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen haya a sama, akwai takardar da ya kamata ya riƙe a hannu kafin a zana masa rodi ko guda ɗaya. Ita ce rahoton da injiniya ke rubuta abin da ya ɗora lissafinsa a kai: nauyin da kowane hawa zai ɗauka, ƙarfin ƙasar filin, ƙarfin kankare da na rodi, tsarin ginshiƙai, da duk abin da ya ƙaddara ba tare da ya gwada ba. Zane yana nuna maka abin da za a gina ne kawai. Dalilin da ya sa aka zaɓi rodi mai kaurin milimita 16 ba 12 ba, a wannan rahoton yake, kuma shi za a nema ranar da wani ya ce zai ƙara hawa ko zai mayar da ofis sito.

Masu yi maka wannan aikin iri huɗu ne a kasuwarmu, kuma ba zan ɓoye ba, guda ɗaya nake so a cikinsu.

Mai zane na bakin ofishin tsara birni zai ba ka shafi ɗaya na bayanan da yake liƙa wa kowane zane, na bene da na shago mai ɗaki biyu. Wannan ba rahoto ba ne. Ɗan kwangilar da ya ce zane da gini duk a bar masa, shi ne zai rubuta ƙa'idar kuma shi zai ci ribar sassauta ta, don haka ban yarda da shi ba sai in akwai wani injiniya daban da zai duba. Manyan kamfanonin injiniyoyi suna aiki mai kyau, amma a bene mai hawa uku ko huɗu kuɗinsu ya fi ƙarfin aikin, kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikaci za a tura maka.

Zaɓina shi ne injiniyan gini mai zaman kansa, mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, wanda kai mai gini za ka biya kai tsaye, wanda ba ya sayar da siminti ko rodi, kuma wanda zai ba ka rahoton ka karanta ka sa hannu kafin ya fara zane. Alamar farko da za ka gane shi ita ce yawan tambaya. Zai ce maka, “Alhaji, hawa na ɗaya ɗin nan da aka rubuta ofis, da gaske ofis ne, ko masu shagunan ƙasa za su riƙa ajiye kaya a ciki?” Wannan tambayar kaɗai ta cancanci kuɗinsa, ga kuma dalili.

A ƙa'idar BS 6399 da yawancin injiniyoyinmu ke amfani da ita, daɓen gidan kwana ana lissafa masa nauyin mutane da kayansu 1.5 kN/m², wato kusan kilo 150 a kowace murabba'in mita. Ofis na yau da kullum 2.5 ne, shago kuma 4.0. To ka ɗauki buhun shinkafa mai kilo 50. A murabba'in mita ɗaya buhu biyu za su kwanta a sahu ɗaya, in ma ba su fi ba. A jera sahu goma, ka sami buhu ashirin, tan ɗaya ke nan, kusan 10 kN/m². Dekin da aka lissafa wa 2.5 yanzu yana ɗauke da ninki huɗu na abin da aka tanadar masa. Ba lallai ya faɗi a ranar ba. Zai fara lotsawa a tsakiya, tsaga ta fito a ƙasansa, tayil ya fara ɗagawa, ƙofofin da ke ƙasa su fara cijewa. Duk wanda ya san benayen Kantin Kwari ko na Singa ya san cewa hawan da ke saman shago sito yake komawa, ko me aka rubuta a zane. Injiniyan kirki zai rubuta a fili: hawa na ɗaya an lissafa shi a kan nauyi kaza, ba a yarda a jera kaya su wuce tsayi kaza ba. Ko kuma ya shawarce ka a ƙara kaurin dekin da rodi tun yanzu, a lissafa shi a matsayin sito. Kuɗin da za a ƙara a wannan lokacin ba ya kai rabin wahalar tallafe dekin da ya riga ya tsage.

Abu na biyu da nake dubawa shi ne yadda rahoton ya warware rigimar ginshiƙai. Mai shago yana son fili a buɗe, mita shida ba fila a tsakiya. Gidajen sama kuma ɗakuna ne ƙanana, da bangon bulo ko'ina. Bangon bulo mai inci tara da filasta, tsayin mita uku, yana kai kusan tan ɗaya a kowace mita ta tsawonsa. Idan filar sama ba ta sauka a kan filar ƙasa ba, dole a yi babban bim da zai ɗauki nauyinta ya kai wa ginshiƙan gefe, kuma wannan bim ɗin shi ne wuri mafi haɗari a ginin duka. Rahoto mai kyau zai faɗa ko akwai irinsa, a ina yake, kuma me ya hana a daidaita ginshiƙan tun daga ƙasa har sama. Injiniyan da nake so yakan koma wurin mai zanen gidan ya ce a matsar da bango kaɗan don a kauce wa bim ɗin gaba ɗaya. Haka kuma zai rubuta inda tankin ruwa zai zauna, domin tanki mai lita 5,000 tan biyar ne a wuri guda, da inda janareta zai zauna, da ko an lissafa ƙarin hawa nan gaba. Rodin da ake bari ya leƙo a saman gini ba shaida ba ce cewa tushen zai ɗauki wani hawa.

Yanzu ga inda na fi zafi, wato maganar ƙasa. Na taɓa biyan kuɗin gwajin ƙasa, aka kawo mini rahoto mai bango mai kyau, da zane-zane da hatimi. Da muka fara tonon tushe, ruwa ya fara tsattsafowa kafin rami ya kai ƙugun mutum, ƙasar kuma laka ce mai santsi, alhali takardar ta ce jar ƙasa mai tsakuwa ce kuma ba a tarar da ruwa ba. Maigadin filin ya ce shi bai ga wata na'ura ta shigo ba. Ashe rahoton wani fili ne aka canza masa suna. Aiki ya tsaya, aka sake gwaji, aka sake zanen tushe, damina ta same mu da ramuka a buɗe.

Ka ga abin da wannan yake nufi a lissafi. A ce fila ɗaya tana sauke 900 kN a ƙasa. Idan ƙasar tana ɗaukar 150 kN/m², tushen filar zai zama murabba'in mita shida, kusan mita biyu da rabi kowane gefe. Idan kuma gaskiyar ƙasar 90 ce, ana bukatar murabba'in mita goma, mita uku da ɗoriya kowane gefe, wataƙila ma sai an haɗe tushen duka ya zama shimfiɗa ɗaya. Wannan 150 ɗin kuwa lamba ce da ake yawan rubutawa ba tare da an tona ko rami ɗaya ba. Ba laifi ba ne injiniya ya ƙaddara lamba a farkon aiki, amma dole ya rubuta cewa ƙaddarawa ya yi, kuma ba za a zuba kankaren tushe ba sai gwaji ya tabbatar. A wuraren baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta yankin Tafkin Cadi da wajen Numan, ko filin da tsohon kududdufi ne aka cike, gini ba tare da gwaji ba ganganci ne da rayukan mutane.

Saboda haka ranar gwajin ƙasa ka je da kanka, ko ka tura wanda ka amince da shi. A ɗauki hoton na'urar a cikin filinka, da ginin maƙwabta a bayanta. Ka ƙirga ramukan. Ka duba ko taswirar da ke cikin rahoton ta yi daidai da siffar filinka, ko an rubuta zurfin da aka tarar da ruwa, da watan da aka yi gwajin, domin ruwan ƙasa na watan Maris ba shi ne na Agusta ba.

Hatimin haya shi ma ya zama ruwan dare. Wani zai yi zane, ya kai wa mai rajista ya buga hatimi a biya shi, shi kuwa bai ma san unguwar da filin yake ba. Ka nemi lambar rajistar, ka tabbatar da ita a wurin COREN, sannan ka zauna da mai sunan ido da ido ka tambaye shi nauyin da ya ba hawa na ɗaya. Wanda ya yi aikin zai amsa nan take. Akwai kuma masu kawo maka shafi ɗari da kwamfuta ta fitar su ce shi ne rahoton. Kwamfuta abin da aka ba ta take lissafawa, kai kuma abin da aka ba ta ɗin kake nema, kuma a gini irin wannan shafi goma zuwa ashirin sun ishe shi. Ka lura da wanda ya cakuɗa ƙa'idoji: BS 8110 tana ninka nauyin ginin kansa da 1.4, na mutane da kaya da 1.6, Eurocode 2 kuma ana bin ta da 1.35 da 1.5. Birtaniya ta janye BS 8110 tun 2010, mu muna ci gaba da aiki da ita, kuma benaye da yawa suna tsaye lafiya a kanta. Kowacce ya zaɓa ya faɗa, ya bi ta har ƙarshe, kada ya tsinci lambar da ta fi sauƙi daga nan da can.

Sai kayan aiki. Idan rahoto ya ce kankare mai ƙarfin 25 N/mm² a kwana 28, ya faɗi yadda za a tabbatar, wato a ɗebi samfur a kowane zubi a kai ɗakin gwaji a murƙushe. Haɗin kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da leburori ke yi da shebur suna ƙara ruwa don ya yi sauƙin zuba, da wuya ya kai wannan ƙarfin. Rodi kuma, a rubuta ƙarfin da aka lissafa da shi, 460 N/mm² ne ko 410, a kuma sa sharaɗin gwada shi kafin a ɗaura. Rodin da aka sayar maka a matsayin milimita 12 amma awo ya nuna 10.5, ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfen da ke cikinsa, kuma ido ba ya kama wannan bambancin a kan mota.

Wajen ciniki, ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa rahoton zai zo kafin zane, za a sabunta shi bayan gwajin ƙasa, kuma shi injiniyan da ya sa hannu zai zo ya duba rodi kafin kowane zubin dekin. Kason ƙarshe na kuɗinsa ka riƙe har sai an zuba dekin na ƙarshe. Kwafi ɗaya ya tafi tare da zanen da za ka kai hukumar tsara birni, wato KNUPDA in a Kano kake, ko KASUPDA in a Kaduna kake, ɗaya ya zauna a wurin aiki, ɗaya kuma ka ajiye tare da takardun fili, sannan iyakar nauyin hawa na ɗaya ka sa ta a cikin takardar hayar duk wanda zai karɓi wurin.