Rangwamen mako guda a wani shago a Makka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida. Ka ce shagonka na Kwari zai cika shekara biyar bayan sallah, kana son ka yi wa masu sayayya wani abu, kuma ka tambaye ni yadda ake yi a nan. Bari in ba ka labarin wanda aka yi a gabana, a shagon da nake kai wa kaya a wajen Shara Mansur.

Mai shagon ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga Kano ya tako da ƙafa, ya yada zango a Sudan kafin ya ƙetaro teku. Yana jin Hausa sarai, rubutunta ne bai iya ba. Sallaya yake sayarwa, da carbi da turare da dabino, kuma mafi yawan masu shiga wurinsa mutanenmu ne, mazauna da 'yan Umara. Da shagon ya cika shekara goma, ya rubuta sanarwarsa da Larabci, ya ce mini, "Ɗana, mayar mini da wannan Hausa, a liƙa a ƙofa, a kuma tura wa mutane a waya." Ga abin da muka tsaya a kai:

"Alhamdu lillahi, shagonku ya cika shekara 10. Mun gode wa duk wanda ya taɓa tako ƙofar nan, wanda ya sayi carbi ɗaya da wanda ya cika jaka. Allah ya saka muku da alheri. Don nuna godiya, mun rage kashi 25 cikin ɗari a kan sallaya mai soso: da riyal 46, yanzu riyal 34.50, har da haraji. Daga Alhamis 27 ga Nuwamba zuwa Laraba 3 ga Disamba, har a rufe shago. Mutum ɗaya, sallaya biyar. Guda 150 muka ware, in sun ƙare kafin ranar, rangwame ya ƙare."

Ka ga gajere ne, amma sau uku muka sake shi. Na farkon da na rubuta godiya ce ta cinye shi, layi shida, sannan a ƙasa na ce "gagarumin rangwame na mako guda". Alhaji mai shagon ya karanta na Larabcin kusa da nawa, ya girgiza kai. Ya ce mako guda daga yaushe? Wanda saƙon ya isa wayarsa ranar Litinin zai ƙirga makonsa daga Litinin, ya zo bayan an gama, ya tsaya a bakin kanta yana cewa an yaudare shi. Kuma da gaskiyarsa. Ga shi a garin nan wani yana ƙirga da watan Musulunci, wani da na Bature, shi ya sa muka sa sunan rana tare da kwanan wata, don Alhamis Alhamis ce a wurin kowa.

Fara ranar 27 ma ba haka kawai ba ne. A ranar ake biyan ma'aikatan gwamnati albashi a Saudiyya, kuma Juma'a da Asabar ne hutun mako, don haka kwana ukun farko sun faɗa lokacin da aljihu yake da nauyi, mutane kuma suna da sararin fita. Kai ma ka duba naka lokacin. Rangwamen da aka sa a tsakiyar wata, kowa yana jiran albashi, masu kallo zai tara maka.

Babban bambancin da na gani tsakanin nan da gida shi ne a nan ba ka da ikon tashi da safe ka rubuta "rangwame" a kwali ka rataya. Sai ka nemi izini daga Ma'aikatar Kasuwanci, ta intanet, ka faɗi kayan da kwanakin. Takardar izinin kuma sai an liƙa ta inda mai saye zai gani. A jikin kowane kaya dole a nuna tsohon farashi da sabo, kuma farashin da ke rubuce ya haɗa da harajin kaya, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. Wanda ya ga an cuce shi yana kiran 1900 ya kai ƙara, tarar kuwa ba ta wasa ba ce. Abin da ake toshewa da wannan doka shi ne dabarar nan da mu ma muka sani: mutum ya ɗaga kaya daga 46 zuwa 60 ana gobe, ya ja masa layi, ya rubuta 46 a matsayin ragi. Da na fara zuwa ina ganin takurawa ce. Yanzu ra'ayina ya sauya, don na ga tsohuwar da ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya ta shigo, ta dubi lambobi biyu, ta biya daidai abin da Balarabe ya biya.

To, ga lissafin, wanda shi ne na fi so ka zauna a kansa. Riyal 46 ɗin nan ba duka na Alhaji ba ne: 40 kuɗin sallaya, 6 haraji. Yana saro ta a kan 24, ribarsa 16 ke nan a kowace ɗaya. Da aka rage kashi 25, mai saye ya biya 34.50, a ciki 4.50 haraji, 30 ta shago. Kuɗin sari bai motsa ba, yana nan 24. Riba ta dawo 6. Mai saye kwata aka rage masa, amma mai shago ya bar fiye da rabin ribarsa. A nan 'yan kasuwa da yawa suke faɗawa rami, don suna auna ragin da farashin sayarwa, alhali daga cikin riba kaɗai yake fita.

A mako na yau da kullum Alhaji yana sayar da kamar sallaya 60, riba riyal 960. Kafin ya sami wannan kuɗin a kan riyal 6, sai ya sayar da 160, shi kuwa 150 ya ware. Wato tun kafin a buɗe ƙofa ya san ba zai mayar ba, kuma da saninsa ya yi. A ƙarshe 130 suka fita, riba 780, ya gaza makon da ya saba da riyal 180. Na tambaye shi ko bai ji zafi ba. Ya buɗe mini lissafin turare da dabino, waɗanda ko halala ɗaya ba a rage musu ba. Wanda ya shigo don sallaya da wuya ya fita bai ɗauki kwalbar turare ko kwalin dabino na tsaraba ba, kuma a can gibin ya cike har ya ɗan haura. Shi ya sa kaya ɗaya ya zaɓa, wanda kowa ya san kuɗinsa, bai rage wa shago gaba ɗaya ba.

Iyakar biyar ga mutum ɗaya kuma saboda 'yan sari ce. Ba don ita ba, mutum ɗaya zai zo da mota ranar farko ya kwashe 150 ɗin, ya kai wani lungu ya sayar a 42, mutanen da aka yi abin dominsu su zo su tarar da kanta wayam. Ko da iyakar ma sai da wani ya turo yara uku ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya gane, ya yi shiru ya sallame su, na huɗun ne ya ce wa, "Ka gaida babanka, ka ce masa ya bar wa 'yan'uwa."

Kuskure ɗaya mun yi shi, kuma a gabana. Safiyar Alhamis an sauya takardun farashi a jikin kaya, amma yaron da ke kan na'urar biya ya manta bai sauya a cikinta ba. Wata Hajiya 'yar Sakkwato ta ɗauki sallaya biyu, ta miƙa katinta, aka cire 92 maimakon 69. Ta kai bakin ƙofa jikarta ta karɓi rasit ta duba, ta ce, "Kaka, ba a rage ba." Suka dawo. Alhaji ya tashi da kansa ya ba ta haƙuri, ya ƙirga mata riyal 23, ya ɗora mata carbi a kai, sannan ya sa aka bi rasit ɗin safiyar duka. Mutum biyu aka samu kafin ita, ɗaya maƙwabci ne, aka aika masa gida, ɗayan kuwa sai da ya sake shigowa bayan kwana biyu. Ba don rasit ba da babu wanda zai sani. A nan kowane ciniki sai an ba ka takarda mai nuna kuɗin kaya daban, haraji daban, ko ruwan sha ka saya a babban kanti. Ni yanzu ba na barin kanta sai na duba tawa.

Kada ka ji kamar ina cewa nasu ya fi namu a komai. Gyaran da kake yi wa mutum a Kwari, ka ƙara masa rabin yadi ko ka yafe masa kuɗin mota don ka san halin da yake ciki, babu na'urar da za ta yi shi. Manyan kantunan nan ba tayi, ba albarka, ba bashi, lambar da ke jikin kaya ita ce magana ta ƙarshe, kuma mai karɓar kuɗin ko fuskarka ba lallai ya kalla ba. Ina kewar ciniki irin namu ƙwarai. Sai dai tayi mai baki yake yi wa aiki. Mai kunya, da yaron da aka aika, da baƙon da bai san gari ba, su ne suke biyan na sama. Rangwamen da aka rubuta da lamba kuwa kowa yake samu daidai, kuma in godiya kake son yi wa duk masu sayayyarka, ina ganin wannan hanyar ta fi kai ta ga kowa.

In za ka yi naka, zaɓi atamfa ɗaya da matan unguwa suka san kuɗinta tun da daɗewa, don ragi a kan abin da ba a san farashinsa ba babu mai yarda da shi. Cire kuɗin sari da na dako tukuna ka ga abin da ya rage, daga nan za ka yanka. Da yadda kaya suke tashi a gida, ka tambayi dilanka kuɗin sabon sari kafin ka sa lamba, kada ka sayar da turmi a abin da ba zai sake sayo maka wani ba. Alhaji bai da wannan damuwar sosai, tun da riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75, kai kuwa kana da ita. Mako gudan kuma ka tsaya a kansa. Ranar Alhamis ta biyu mutum huɗu suka zo suna roƙon a yi musu a tsohon ragi, Alhaji ya ba su dabino suka ci, ya sayar musu a 46, ya ce in ya ƙara kwana ɗaya yau, baɗi babu wanda zai gaskata kwanan watan da ya rubuta.

Na saya wa Inna sallaya biyu a cikin makon, koriya da ruwan toka, mai soson ta fi sauƙi ga gwiwa. Zan ba wani ɗan unguwarmu da ya zo Umara ya taho da su. In ka rubuta taka sanarwar, turo mini in gani kafin ka liƙa, tare da kuɗin sarin atamfar, mu yi lissafin tare. A gaida Inna da su Anti da yara.