Saƙo 85 a shafi biyu: sharhi kan aikin taƙaita imel da aka yi wa kwamitinmu

Ni ne sakataren kwamitin da ƙungiyar 'yan garinmu ta kafa don haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola a kusa da makarantar firamare. Mu tara ne, kuma a warwatse muke: wasu a Kano, wasu a Kaduna da Abuja, ɗaya a Jidda, ɗaya a Amurka. Da imel muke tattaunawa saboda takardu su zauna wuri ɗaya. Daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Maris saƙonni sun kai 74 a ƙarƙashin take guda, kuma duk wanda ka tambaya inda aka kwana sai ya ba ka amsa dabam. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Masu haƙa sun fi son ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai, domin rijiyar da ta ba da ruwa a Afrilu da wuya ta ƙafe a sauran watanni. Damina tana matsowa, mu kuma muna ta kai-kawo.

Saura mako ɗaya a yi taro, shugaba ya ce in kawo bayanin inda aka tsaya. Na zauna dare biyu ina karantawa, abin da na fitar bai wuce labarin wane ya ce, wane ya mayar ba. Sai wani abokin aikina ya haɗa ni da wata Hajiya da ta daɗe tana aikin sakatariya kafin ta yi ritaya, yanzu tana da shagon buga takardu, tana kuma karɓar irin wannan aiki. Wannan sharhi a kan aikinta ne, abin da ya yi kyau da inda aka samu tangarɗa.

Ba ta nemi lambar sirrin akwatina ba, kuma wannan ya kwantar mini da hankali tun farko. Cewa ta yi in buɗe jerin saƙonnin a Gmail, in danna `Print all`, in adana shi a matsayin PDF in tura mata. Ta kuma nemi sunayen mutum taran da muƙamin kowa, da amsar tambaya ɗaya: wa ke da ikon yanke hukunci a kwamitin, shugaba shi kaɗai ko rinjayen mambobi? A lokacin ban ga amfanin tambayar ba. Na ce mata rinjaye ne, shugaba kuma shi ke sanar da abin da aka tsayar.

Washegari da rana ta kira ni. "Malam, saƙonnin nan ba su cika ba," in ji ta. Ta ga wani saƙo na shugaba a tsakiyar Fabrairu da ya fara da "kamar yadda ma'aji ya faɗa jiya", alhali babu saƙon ma'aji ko ɗaya a wannan makon. A ƙasan saƙon kuma takardar ta nuna `[Quoted text hidden]`, wato akwai tsohon rubutu da aka naɗe ba a buga ba. Ta sa na koma cikin imel ɗin na danna ɗigo ukun nan da ke ƙasan saƙo. Sai ga maganar ma'aji ta fito: ashe `Reply` ya danna maimakon `Reply all`, saƙonsa ya tafi wa shugaba shi kaɗai, mu bakwai ba mu taɓa ganinsa ba. A ciki yake cewa kuɗin da ke asusu ba zai ɗauki babban tanki ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce idan wani ya canza taken saƙo, Gmail yakan ware shi ya zama wani jeri na dabam, don haka in bincika. Ta turo mini abin da zan rubuta a wurin nema:

```
subject:tanki OR subject:burtsatse
```

Sai ga wani jeri mai saƙo 11, wanda wani mamba ya buɗe da taken tanki kawai. Ina cikin waɗanda aka tura wa, na ma karanta wasu a lokacin, amma na sha'afa da su gaba ɗaya. Adadi ya koma 85. Wannan kiran waya kaɗai ya biya kuɗin da na ba ta, domin da an yi taƙaitawar a kan 74, da an gina ta a kan rabin magana.

Ta yi alkawarin kwana biyu, sai a rana ta uku aikin ya iso. Shafi biyu ne, kashi uku: asalin magana, tambayoyin da ba a amsa ba, da abin yi a gaba.

Kashin farko gajere ne, layi goma sha biyu ko ƙasa da haka. Bai bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya tabbata kawai ta sa: an yi binciken ƙasa, mai binciken ya ba da shawarar a haƙa zuwa mita 80, an zaɓi ɗan kwangila ɗaya cikin uku, mai unguwa ya ba da fili. A ƙarshen kowace jimla akwai ranar saƙon da sunan wanda ya aiko shi, ta yadda mai musu zai iya komawa ya duba da idonsa. Zafafan kalaman da suka shiga tsakanin mambobi biyu a Fabrairu ba ta kwafo ko ɗaya ba, cewa kawai ta yi an samu saɓani a kan girman tanki.

Kashi na biyu shi ne zuciyar aikin, kuma a nan na gane dalilin tambayarta ta farko. Wani dattijo da muke girmamawa ƙwarai ya rubuta cewa, "A yi na lita 10,000 kawai, a wuce wurin." Mutum biyu suka amsa da "Allah ya saka da alheri, Baba". Ni a raina magana ta ƙare, har na faɗa wa mutanen gari haka. Hajiya kuwa a cikin tambayoyi ta sa shi. Ga yadda ta rubuta: Tanki, lita 5,000 ko 10,000? Uku sun goyi bayan babban tanki, ma'aji ya ce kuɗi ba zai kai ba, huɗu ba su ce komai ba, shugaba bai sanar da matsaya ba. Da na kira ta ina cewa ai an gama wannan, sai ta ce, "Malam, nuna mini saƙon da aka ce an amince. Addu'a aka yi wa Baba, ba ƙuri'a aka jefa ba." Na duba ban samu ba. A irin zamanmu, idan babba ya yi magana ba a cika mayar masa a bainar jama'a ba, sai a yi shiru. Wanda ke cikin kwamiti yakan ɗauki shirun a matsayin yarda, musamman idan abin da aka faɗa ya yi daidai da son ransa. Na waje, wanda bai san fuskar kowa ba, abin da ke rubuce kaɗai yake ƙirgawa.

Tambaya ta biyu da ta zaƙulo ƙarama ce a ido. Ɗan'uwanmu na Amurka ya rubuta cewa kada a wuce 03/04 ba a biya kuɗin kafin alƙalami ba. Mu a nan rana muke fara rubutawa, don haka muka karanta 3 ga Afrilu. A can kuwa wata ake farawa da shi, wato 4 ga Maris yake nufi. Shi yana can yana ganin mun yi sakaci har wa'adi ya wuce da makonni, shi ya sa ya ja baya da magana, mu kuma muna ganin da sauran lokaci. Hajiya ba ta zaɓar mana fassara ba. Ta rubuta duka biyun ta ce a tambaye shi. Tun daga nan duk kwanan watan da zan sa a takardar kwamiti, da sunan watan nake rubuta shi.

Sauran tambayoyin guda uku ne: wa zai kula da famfo bayan an gama, ko kuɗin shingen da zai kare faifan sola yana cikin ƙiyasi, da ko za a biya ɗan kwangila kashi biyu ko uku. Duk an taɓo su a saƙonni, wani ya tambaya, magana ta karkata wani wuri, aka bar su a hanya.

Kashi na uku layi shida ne, kowane da aiki ɗaya, sunan mutum ɗaya, da rana. Inda saƙonni suka ce "kwamiti zai tuntuɓi ɗan kwangila", ta bar gurbin suna a buɗe ta sa alamar tambaya, ta rubuta a gefe cewa a cike shi a wurin taro. Ba ta ƙirƙiro wa kowa aikin da bai ɗauka ba.

Yanzu ga inda aka samu kuskure, kuma ba ƙarami ba ne. Jimillar kuɗin aikin da ta sa a kashin farko tsohuwa ce. Ɗan kwangila ya aiko da ƙiyasi sau biyu. Na farko ya rubuta adadin a cikin saƙo, na biyu kuwa, bayan farashin kaya ya motsa, cewa kawai ya yi ga sabuwar takarda a maƙale. PDF ɗin da `Print all` ke fitarwa yana nuna sunan takardar da aka maƙala, amma ba ya buɗe abin da ke cikinta. Ta ga sunan, ba ta nemi takardar ba, ta ɗauki adadin da idonta ya gani. Wadda ta lura da ɓataccen saƙon ma'aji ya kamata ta lura da wannan ma. Na kama shi ne don na ga ranar da ta sa a gaban adadin ta Janairu ce, ni kuma na san an yi maganar kuɗi a Maris. Da ba ta sa ranaku ba, da na karanta wa taro adadin da ba shi ba. Da na nuna mata, ba ta yi gardama ba, ta gyara a ranar ba tare da ƙarin ko sisi ba. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ya rubuta `has:attachment` a wurin nema, ya sauke takardun duka, ya haɗa da su tun farko.

Akwai kuma iyakar da ba laifinta ba ce. Abin da aka yanke a waya ba ya cikin imel. Shugaba da ɗan kwangila sun riga sun yi magana baki da baki cewa shinge yana cikin ƙiyasi, don haka wannan tambayar a amshe take, takarda ce ba ta sani ba. Saboda haka ban tura wa mambobi kai tsaye ba, sai da shugaba da ma'aji suka duba. Sannan akwai batun amana: a cikin saƙonnin akwai adadin gudummawar kowa da lambar asusun ƙungiya. Na nemi izinin shugaba kafin in miƙa wa wani na waje, na kuma cire shafukan da ke ɗauke da lambar asusu.

Zan sake ba ta aiki idan jeri ya yi tsawo irin wannan, ko idan ni kaina ina da ɓangare a cikin saɓanin, kamar yadda nake da shi a maganar tanki. Idan saƙo goma sha biyar ne tsakanin mutum uku, babu buƙatar biyan kowa, tsarin nan na kashi uku ya isa mutum ya bi da kansa.

A ranar taro na buɗe sabon saƙo da sabon take, na sa shafi biyun, na roƙi kowa ya amsa tambayoyin da lambarsu. Da aka zo kan tanki, ma'aji ya karanta abin da ke asusu a gaban kowa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce a fara da na lita 5,000, amma a gina hasumiyar da ƙarfin da za ta ɗauki na biyu idan hali ya samu. Shugaba ya sanar da haka, na rubuta da rana da sunan wata.