Kafin ka zaɓi jadawalin ginshiƙi mai hawa-hawa

A ce kana da shagon hatsi, ka zuba cinikin wata uku a Excel, ka zaɓi Stacked Column, wato jadawalin ginshiƙi mai hawa-hawa: shinkafa a ƙasa, masara a tsakiya, gero a sama. Shinkafa ta yi buhu 40, 55 da 30, masara kuwa 22, 25 da 28. A watan farko yankin masara ya tashi daga 40 ya tsaya a 62, a na biyu daga 55 zuwa 80, a na uku daga 30 zuwa 58. Ka ga watan da masara ta fi fita shi ne wanda kanta ya fi yin ƙasa. Mai kallo sai ya ɗauka kasuwarta ta faɗi, alhali shinkafar da take zaune a kai ce ta ragu.

Dalili kuwa, yankin ƙasa kaɗai ke da gindi ɗaya a sifiri. Masana ƙididdiga William Cleveland da Robert McGill sun nuna a 1984 cewa ido ya fi iya gwada abubuwan da ke kan ma'auni ɗaya, fiye da tsawon da kowanne ya fara daga inda ya ga dama.

Gyara mafi sauƙi shi ne ka shiga Select Data ka mayar da masara ƙasa. Ba ka rasa jimilla ba, sai dai yanzu shinkafa ce ke reto. Wannan ya isa idan kaya ɗaya ne ke gabanka.

Clustered Column yana jera kowane kaya a gefen ɗan'uwansa, duk daga sifiri. Kuɗin da za ka biya shi ne jimilla ta ɓace, kuma kaya uku a wata 12 ginshiƙi 36 ke nan, ido ya gaji.

Ni dai na fi son a ba kowane kaya ɗan jadawalinsa, a jera su kusa da juna, a ƙara na huɗu don jimilla. Akwai tarko a nan: Excel zai zaɓa wa kowanne ma'auninsa, sai buhu 28 ya yi tsawon buhu 55. Shiga Format Axis ka sa Minimum a 0, Maximum a 60 ga kayan uku, na jimilla kuma ya riƙe nasa.

Kada 100% Stacked Column ya ruɗe ka. Yana daidaita sama da ƙasa ne kawai, na tsakiya na nan yana reto, adadin buhuna ma ya ɓace. Idan kuma watanni sun yi yawa, kuma hawa da sauka kake nema, ɗauki Line, kowane kaya da layinsa, ka rubuta sunansa a ƙarshen layin.